Kyanwar Goggo Kulsumi a Jikin Buhu

Sirajo Dankure mai rubuta allunan shaguna ne a Birnin Kebbi tun kafin a yi jiha. A gidan malamai aka haife shi, cikin tsohon gari, inda mahaifinsa Malam Abdulmuhaimin ke karantar da fiƙihu a zaure bayan La'asar. Cikin 'ya'yan gidan shi ne karatu bai zauna masa sosai ba, sai dai hannunsa ya zauna. Duk mai shirin sauka a unguwar shi yake kai wa allo a yi masa zayyana. Daga tawada ya koma fenti, daga allon karatu ya koma allon kwano.

Da aka yi Jihar Kebbi, ma'aikata suka kwaso daga Sakkwato, kowace ƙofa tana neman a rubuta mata suna. Shekarun nan Sirajo bai huta ba. Ya yi rubutu a bangon ofisoshi da ƙofofin kemis da bayan manyan motoci. Haruffa yake yi, da furanni, da zangarniyar gero. Abu mai rai kuwa bai taɓa zanawa ba. Babu wanda ya hana shi da baki, haka dai ya taso. In mai shago ya ce a sa masa kifi ko kaza, sai ya tura shi wurin wani abokin sana'a.

Wajen shekarar dubu biyu samari suka fara buɗe shagunan kwamfuta a kusa da kwalejin kimiyya da fasaha, aiki ya soma sulalewa daga hannun masu buroshi. Sirajo ya haura arba'in a lokacin. Bai tsaya ƙorafi ba, ya je ya zauna a benci ɗaya da ɗalibai ya koya, daga baya ya sayi tsohuwar kwamfuta ya sa a ƙuryar shagonsa, kusa da gwangwanayen fenti. Abin da ya kama ransa shi ne irin zanen da masu sana'ar ke kira bekta. Hoto ƙananan ƙwayoyin launi ne jere kamar gero a faifai, in ka faɗaɗa shi sai ya dishe ya farfashe. Shi kuwa wannan zanen, ɗigo kake kafawa nan da can, kwamfuta ta riƙe wurin kowane ɗigo da yadda layi ya lanƙwasa tsakaninsu. Ko ka mayar da shi kamar kan sarki, ko ka buɗa shi ya cika bango, bakinsa yana nan da kaifi. Sirajo yakan ce wannan ya fi kusa da aikin alƙalami.

Wata safiya bayan an gama girbin shinkafa, wata mata ta yi sallama a shagon. Ta ce sunanta Ɗayyaba, daga Argungu take, ita ke riƙe da sana'ar mahaifiyarta, Goggo Kulsumi, wadda ta yi shekara da shekaru tana turara shinkafa tana shanyawa tana kai wa inji. Yanzu suna da mata masu taya su aiki, har 'yan kasuwa na zuwa ɗauka daga Jega da Sakkwato, amma a farin buhu marar suna take fita, kowa na iya cewa tasa ce. Suna son tambari. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da hoto a cikin leda.

Hoton wata dattijuwa ne zaune kan kujera a tsakar gida, ranar wani suna, da kyanwa a gefen ƙafarta. Kyanwar fara ce mai yawan gashi, da ja a kai da baya.

"Mussar Goggo ta," in ji Ɗayyaba. "Albasa muke ce mata, don cikin rumbun albasa anka tsince ta a Augie tana 'yar ƙarama. Ita ke tsare muna ɗakin shinkafa. Har masu saye kan ce a ba su ta gidan mai mussa. Bara ta mutu. Wanga hoto shi kaɗai muke da."

Sirajo ya daɗe yana duban hoton. Ya ce ta ba shi kwana biyu ya yi shawara.

Da yamma ya tarar da mahaifinsa ɗalibai sun watse, ya durƙusa ya faɗa masa. Malam Abdulmuhaimin ya tsufa ƙwarai a lokacin, maganarsa a hankali take fita. Ya ce abin da littattafan da suke karantawa suka tsananta a kai shi ne siffa mai jiki, wadda in an ajiye ta take yin inuwa. Wadda ke shafe a takarda ko ƙyalle kuwa malamai sun sassauta, ko da wasu na ganin barinta ya fi. Ya tambaye shi me za a yi da ita. Sirajo ya ce alama ce ta buhun shinkafa, don wanda bai iya karatu ba ya gane kayan wata tsohuwa. Malam ya ce, "To, ka ji abin da ke rubuce. Sauran kai ka san zuciyarka." Sirajo ya kwana yana juya maganar, washegari ya aika wa Ɗayyaba cewa ya karɓa.

Kafin ya taɓa kwamfuta sai da ya je wurin Labbo, mai buga buhuna a bayan kasuwa. Labbo da raga yake aiki, ragar siliki ɗaure a katako, a zuba tawada a ja da roba ta ratsa inda aka bar mata hanya. Kowane launi da ragarsa. Ya ce launi biyu zai iya a buhu, kuma ba ya son siririn layi, domin saƙar buhun leda tana da kaushi, takan cinye duk abin da bai kai kaurin tsinken ashana ba. Inuwa mai dushewa a hankali kuwa ba ta buguwa sam. Ko dai akwai tawada a wuri, ko babu.

Sirajo ya kai hoton aka ɗauka da sikana, ya dawo da shi a faifan kwamfuta, ya yanke kyanwar ya faɗaɗa ta. Da farko ya gwada hanyar sauƙi, ya ba kwamfuta umarni ta bi hoton da kanta ta mayar da shi layi. Ta daɗe tana gurnani, ta fito masa da wani abu kamar an watsa dusa a tabarma. Kowane silin gashi ya zama gutsure mai zaman kansa, ɗigo ya yi yawa har allon na daskarewa in ya motsa. Ya share. Ya kulle hoton a ƙasa don kada ya goce, ya ɗora sabon shafi a kansa, ya shiga bin gefen kyanwar da hannu.

Nan ma halin mai zayyana ya ja shi. Duk tsinin gashin da ya gani sai ya bi shi. Ya kwashe kwanaki yana yi, abin ya fito kamar bushiya. Da ya rage girmansa ya buga a takarda, sai gefen duka ya cakuɗe. Ya koma ya yi ta cire ɗigo, yana jan 'yan hannayen da kwamfuta ke fitarwa a gefen sauran don layi ya lanƙwasa sumul. A ƙarshe ya zana rabin fuska mai kyau, ya kwafe ya juya ya haɗa da ɗaya rabin. Kunnuwa daidai, idanu daidai, tsinin gashi uku-uku a kowane kunci, jan kai ya sauko tsakiyar goshi kamar an auna. Kowa ya leƙo shagon sai ya yaba.

Ɗayyaba ta zo ta karɓa, ita ma ta yaba. Bayan mako ta dawo da takardar a naɗe.

"Malam Sirajo, ka yi haƙuri. Goggo ta ce mussa ta, amma ba tata ba ta."

"Mi ta ce ya rage?"

"Ba ta faɗi ba. Ta kai takardar dab da fuska, ta nisanta, ta miƙo min. Idanunta sun yi yana, ka sani. Ni da na ce mu buga haka nan, wa zai gane? Ta ce in dai wagga ta, gara buhun ya fita fari."

Abin ya ɗan sosa masa rai. Ya buɗe hoton ya sake gwadawa da zanen, bai ga inda ya kauce ƙwarai ba. Yana iya cewa ya yi nasa. Amma tunda ya ƙetare abin da ya ƙetare ya zana abu mai rai, bai so a ce ya zana wata kyanwar da ba ta taɓa rayuwa ba. Ranar Asabar ya sa takardu a jaka, da almakashi, da farin kwali da ja, ya hau mota zuwa Argungu.

Hanya ta bi gefen fadama, karan shinkafa a tsaye bayan yanka, shanu na kiwo a ciki, can nesa masu albasa na ban ruwa. Gidan Goggo Kulsumi yana kusa da gulbi. Tun daga ƙofa ake jin ƙamshin turararriyar shinkafa. Rabin tsakar gidan shanya ce, mata biyu na ja da ƙafa suna juya ta. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗakin ajiya, tsohuwar ta fito tana dafa bango.

"Sannu da hanya, ɗana. Kai na mai zanen?"

"Ni na, Goggo. Mun same ku lahiya?"

"Lahiya lau. An ce da injin kake yi."

Ya ce e, da wani ɗan abu da ake turawa a tebur, wanda masu shi suka sa wa suna ɓera. Ta yi dariya har da tari, ta ce ashe shi ya sa Albasa ta ƙi fitowa.

Ya miƙa mata hoton, ya roƙe ta ta nuna masa abin da ya bari. Ta riƙe shi, ta shafa ledar da yatsa, ta ce ita fa ba ta ganin kome a ciki, tun shekarun baya ya zame mata toka-toka. Kuma ko lokacin da take gani, hoton bai yi kama da Albasa ba. Mai hoton ya haska mata wuta, ta firgita, gashinta ya miƙe, ta zaro ido. Albasa ba ta zaro ido. Kullum kamar mai jin barci take.

Sirajo ya karɓi hoton ya sake dubawa. Kwanakin da ya yi yana bin gashi ɗaya-ɗaya, ashe tsoron kyanwar yake zanawa.

"To Goggo, da idon ya raunana, da mi kike gane ta?"

Ta juya ta nuna ƙofar ɗakin ajiya, wadda ke buɗe, cikinta da duhu.

"Nan take zama, bakin ƙofa. In na hito da sahe, sai in ga hwari cikin duhu, sama ƙarami, ƙasa da hwaɗi kamar tulu. Ja ya karkato ya ruhe ido guda, kamar yarinya ta ɗaura kallabi da gaggawa. Kunnen wancan gefe a kwance yake, tun da wani muzuru ya yage shi. In na ga haka na san ɗaki lahiya."

"Gashin hwa?"

"Gashi hannu ke jin shi. Ni dai nan ƙirji nike ganin ya tsaya tsini, kamar gemu."

Ya fito da hoton cikin haske ya runtse ido har ya kusa rufewa. Silin gashi suka ɓace, saura fari da ja da duhu. Ga jan nan kuwa ya karkata hagu, ga kunnen a ɗan kwance. Suna cikin hoton tun farko. Shi ne ya ɗauka karkacewar zama ce, ya gyara su da ya juya rabin fuska.

Ya roƙi Ɗayyaba baƙin zane, aka shimfiɗa a tabarma. Ya yanka farin kwali siffar tulu, ya yanka kai, ya yanka jan kwali ya ɗora. Ya yi su manya, kusan girman kyanwa mai rai. Goggo Kulsumi ta sunkuya. Wannan tana gani. Ta sa yatsa ta tura jan ya ƙara saukowa kan ido. Ta ce kan ya yi girma, ya rage. Ya yanka tsini biyar a ƙirji, ta ce sun yi yawa, ta naɗe biyu da farce. Ya sa wutsiya a tsaye, ta ɗauke ta kwantar da ita ta zagaye ƙafafu. Matan da ke shanya suka bar aiki suka zo suka tsaya a kansu, wannan ta ce bayan ma akwai ja, waccan ta ce bai kai haka ba. Da ya huda idanu, baƙin zanen ya leƙo, ƙananan baƙaƙe biyu masu kama da ƙwayar kabewa a kwance, tsohuwar ta matso. Ta ɗora tafin hannu a kan farin kwalin ta bar shi a nan. Ɗayyaba ta tashi ta shiga ɗaki.

"Awo," in ji Goggo Kulsumi daga baya. "Ita ta."

Ya manne guntayen a kan takarda yadda ta bar su. Aka kawo masa tuwon shinkafa da miyar kifi, ya ci, ya kama hanya kafin La'asar.

A shago ya sa aka ɗauki mannannen kwalin da sikana, ya jera shi gefen hoton. Daga hoton ya ɗauki tsawon fuska da tazarar idanu da wurin hanci, daga kwalin ya ɗauki sauran. Wannan karon ɗigo kaɗan ya kafa, ɗaya a inda layi ya juya, ɗaya a tsini. Farar kyanwa ba za ta fito a farin buhu ba, don haka ya yi baƙin da'ira a bayanta, duhun ƙofar nan ke nan, ya huda siffar jikinta a ciki, farin buhun da kansa ya zama gashinta. Ja guda a kai, ja guda a baya, wutsiya ja. Gashin baki ya gwada, ya tuna maganar Labbo, ya cire. Duk yawan gashin Albasa ya koma tsini uku a ƙirji da ɗan tudu ɗaya a kowane kunci, kuma na hagu bai yi daidai da na dama ba. Ya buga ta ƙarama kamar kwandala, ya kafe a bango ya koma bakin titi ya duba. Ya buga ta baƙi da fari kawai don hatimi, ya raba jan da farin da ɗan siririn gibi, ita ce dai. Sannan ya ware launukan, na baƙi a takarda mai shara-shara guda, na ja a wata, duka da baƙar tawada yadda Labbo zai haska su a raga, da 'yar alamar giciye a kusurwa don su hau juna daidai. Inda ja ya haɗu da baƙi ya sa jan ya ɗan shige ƙarƙashi, don ko raga ta goce kaɗan kada fari ya leƙo. A ƙasa ya rubuta Shinkafar Gidan Goggo, Argungu, da haruffan da ya zana da kansa.

Buhunan farko sun isa Argungu ana shirin azumi. Ɗayyaba ta ba shi labari cewa Goggo ta sa an jingina ɗaya cike a bakin ƙofar ɗakin ajiya, ta hana a sayar. Tana ganinsa daga inda take zama. Ta rayu shekaru kaɗan bayan haka. Sirajo ya je gaisuwa da ta rasu.

Shi kansa aikin ya canja masa hannu. Bayan Albasa an kawo masa rago, an kawo doki, wani mai kemis ya kawo aku. Wasu ya karɓa, wasu ya ƙi, musamman fuskar mutum, wadda bai taɓa yarda ya yi ba. Amma duk wanda ya kawo hoto, kafin ya karɓa sai ya kifa shi a tebur ya ce mai shi ya faɗa masa da baki yadda dabbar take. Wasu sukan yi mamaki, wasu su zauna su yi ta magana har su manta abin da ya kawo su. Matarsa Rauda takan ce ya fi daɗewa wurin hira da wurin zane.

Mutum ne marar yawan magana, ba ya kuma ajiye samfurin aikinsa a bango kamar sauran masu shago. Ɗayyaba ta sha ce masa ya sa sunansa ƙarami a gefen buhun, ya ce wurin ya cika.

Wata rana da damina yana kan babur zai wuce tasha, ruwa ya tare shi, ya raɓe a rumfar wani mai shayi. An ɗinke tsofaffin buhuna an yi rufi da su, na taki da na sukari da na gishiri. Can a kusurwa akwai na gidan Goggo, an ɗinka shi kai ƙasa, rana ta cinye jan ya koma ruwan ƙasa, rubutun ya shige cikin ɗinki. Wata mata da ta raɓe tare da 'yarta ta ɗaga kai ta ga kyanwar, ta ce wa mai shayin, ashe shi ma ta Argungu yake ci. Mai shayin ya ce a'a, buhun kawai ya saya. Sirajo ya sa aka haɗa masa shayi ba madara, ya zauna a benci yana sha har ruwan ya tsagaita.